Waƙar Wanke Hannu: Kowane Layi da Aikinsa

Idan ka tsaya kusa da randar ruwan wata makarantar firamare lokacin tara, ka zuba wa hannuwan yara ido, za ka ga yawancinsu abu ɗaya suke yi. Yaro ya tara hannu, ruwa ya zubo, ya haɗa tafi da tafi sau biyu ko uku, ya goge a gaban riga, ya ruga wajen mai awara. Ka tambaye shi, zai ce maka ya wanke hannu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya sani ke nan. An sha gaya masa cewa tsafta tana da kyau, amma ba a taɓa nuna masa cewa hannu yana da lunguna ba, balle a gaya masa tsawon lokacin da kowane lungu yake buƙata.

Wannan giɓi ne waƙar wanke hannu take cikewa, in an tsara ta da kyau. Aiki biyu ne a kanta: ta gaya wa hannu inda zai je, ta kuma riƙe shi a wurin har lokaci ya cika. Waƙar da ta yi ɗaya ta bar ɗaya, rabin waƙa ce.

Mu fara da abin da ake son yaro ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da hoton matakan wanke hannu da sabulu, wanda ake liƙawa a bangon asibitoci, kuma ta ce aikin gaba ɗaya, daga jiƙawa zuwa bushewa, yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuwa ta ware wa murzawa kaɗai, wato lokacin da kumfa take a hannu, aƙalla daƙiƙa 20. Dalilin wannan jinkiri yana cikin yadda sabulu yake aiki. Ƙwayoyin cuta suna maƙalewa ne a cikin maiƙon da yake kan fata da dattin da ya haɗu da shi. Ruwa zalla ba ya narkar da maiƙo, bi yake ta kansa ya wuce. Sabulu ne yake kama maiƙon ya ɓamɓare shi daga fata, murzawa ta taimaka masa ya shiga ko'ina, sannan ruwan ɗauraya ya kwashe duka ya zubar. Duk inda kumfa ba ta kai ba, wurin bai wanku ba, ko da an ƙarar da buta guda a kansa.

Amfanin kuma an auna shi. A wani bincike da aka yi a unguwannin talakawa na birnin Karaci a Pakistan, aka wallafa a 2005, gidajen da aka ba sabulu aka kuma riƙa bi ana koya musu wanke hannu sun samu raguwar gudawa a tsakanin yara da kimanin rabi, haka ma ciwon nimoniya a yara 'yan ƙasa da shekara 5. Binciken ya kuma nuna sabulu na yau da kullum ya yi aiki daidai da wanda ake tallatawa da sunan mai kashe ƙwayoyin cuta. Mu da muka ga kwalarar 2021, wadda aka ƙiyasta ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa irin su Bauci da Jigawa da Kano, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan hanyar da cuta take bi daga ban ɗaki zuwa baki.

A ƙasashen Turai da Amurka akan ce wa yaro ya rera waƙar murnar zagayowar ranar haihuwa sau biyu yana murza hannu. Wannan ta ƙidaya lokaci, amma ba ta gaya wa hannu komai, yaro yana iya ƙare ta yana goga tafi kaɗai. Mu kuwa muna da tsohuwar al'adar zuba darasi a cikin waƙa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa mata waƙoƙin koyarwa, jajinta suka haddace suka kai ƙauyuka. Almajiri a makarantar allo da rerawa yake riƙe karatunsa, 'yan mata a dandali kuma sun san tsarin mai bayarwa da 'yan amshi tun kafin su san baƙi da wasali. A kan wannan tsari na gina waƙar da ke tafe. Rabin farko na kowane layi malami ne yake bayarwa, rabi na biyu yara ne suke amsawa.

Zuba ruwa, hannu ya jiƙu,
Shafa sabulu, kumfa ta haɗu,
Tafi da tafi, murza su murzu,
Bayan hannu, goga ya gogu,
Saƙa yatsu, lungu ya cuɗu,
Ƙulla yatsu, gaɓɓai su wanku,
Babban yatsa, kama ya juyu,
Farce a tafi, sosa ya sosu,
Kwara ruwa, santsi ya koru,
Yarfe ya bushe, tsafta ta samu.

Layi goma ne, kuma da gangan. Yaro yana da yatsu goma, saboda haka ranar farko, kafin a taɓa ruwa, yana iya lanƙwasa yatsa ɗaya a kowane layi, ya gane da kansa idan ya tsallake wani. Kowane amshi gaɓa biyar ne, kowanne ya fara da gaɓa mai nauyi, duka kuma sun ƙare da wasali ɗaya. Ba waƙar aruli ba ce, masu auna kari za su lura cewa layuka biyun farko sun fi sauran sauƙi a ƙarshensu. Abin da ake nema shi ne bugu huɗu a kowane layi, biyu na malami, biyu na yara, yadda ɗan aji ɗaya zai kama kafin a tashi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne rabin farko. Dubi yadda kowanne ya fara, ko dai da umarni, ko da sunan wani sashe na hannu. Babu layin da yake yabon tsafta ko zagin ƙazanta, sai rabin layi na ƙarshe, lokacin da aiki ya riga ya ƙare. Yawancin waƙoƙin da ake koya wa yara a ranar 15 ga Oktoba, wadda tun 2008 ake kira ranar wanke hannu ta duniya, a nan suke tuntuɓe. Za ka ji baiti huɗu na nasiha, sai layi ɗaya ya dunƙule aikin duka ya ce a wanke hannu da kyau. To, mene ne da kyau a wajen yaro ɗan shekara 6? Layin da hannu ba zai iya aikatawa ba, a cire shi, komai daɗinsa a kunne.

Layi na uku ba ya buƙatar koyarwa, kowa ya iya shi. Daga na huɗu aiki yake farawa. Ana ɗora tafin dama a bayan hannun hagu, yatsu su ratsa tsakanin yatsu, a goga gaba da baya, sannan a sauya. A na biyar tafi ya koma fuskantar tafi, a saƙa yatsu cikin juna a cuɗa har gindinsu. Yaran da suka fara alwala sun san tsefe yatsu, saboda haka wannan ba baƙo ba ne a wajensu, sai dai a tuna musu cewa a nan da kumfa ake yi. Na shida shi ne mafi wuyar kwatantawa da baki: a lanƙwasa yatsun hannu biyu a sarƙe su, bayan yatsun wannan hannu ya zauna cikin tafin wancan, a murza gefe da gefe. Malama ta juya wa aji baya ta ɗaga hannuwanta sama da kai, don damarta ta zama damarsu, in ba haka ba rabin aji za su rikice.

Layi na bakwai da na takwas su ne dalilin rubuta waƙar. Idan aka shafa wa mutane launi aka duba inda wanki yake tsallakewa, har a tsakanin ma'aikatan asibiti, babban yatsa da kan yatsu ne suke yawan fitowa. Dalilin a fili yake. Idan ka haɗa tafi da tafi, babban yatsa gefe yake tsayawa, ba abin da ya taɓa shi. Kan yatsu kuma sama suke kallo, kumfa tana ƙasa. Alhali da waɗannan ne yaro yake yankar loma, da su yake sosa ido, da su yake riƙe fensirin da zai sa a baki. Saboda haka babban yatsa ya samu layinsa shi kaɗai: a dunƙule shi cikin ɗaya hannun a juya. Farce ma haka: a tattara kan yatsu wuri ɗaya a sosa tsakiyar tafi ana kewayawa. Sai dai waƙa ba ta kai wa ƙarƙashin dogon farce. Duba farce da malamai suke yi a layin safe abokin aikin layi na takwas ne, in aka daina wancan wannan ya raunana.

Wasu hotunan suna ƙara wuyan hannu. Ban sa shi ba, domin ba ya cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma layi na goma sha ɗaya zai ɓata lissafin yatsu. Malamin da yake so yana iya cusa shi a aikace cikin layi na huɗu, a ja gugar ta sauko ƙasa kaɗan.

Yanzu ga lissafin lokaci, wanda shi ne aka fi mantawa da shi. Ɗauki agogon waya ka rera layi ɗaya da bugu huɗu. Idan cikin natsuwa ne zai ci kamar daƙiƙa 3, idan da saurin yara ne kamar 2. Layukan murzawa shida ne, daga na uku zuwa na takwas. Aka rera su sau ɗaya, an samu daƙiƙa 12 zuwa 18, ba su kai 20 ba. Saboda haka doka ita ce kowane layi daga cikin shidan nan sau biyu ake faɗinsa. Wannan ya dace da aikin, domin bayan hannu da gaɓɓai da babban yatsa da farce duk sai an yi wa dama an yi wa hagu. Faɗa na farko na wannan hannu, na biyu na wancan. Da haka murzawa ta koma daƙiƙa 24 ko da yara sun yi sauri, 36 in sun natsu. Ƙara jiƙawa da shafa sabulu da ɗauraya da yarfewa, sai ka tarar an faɗa cikin daƙiƙa 40 zuwa 60 ɗin nan ba tare da kowa ya kalli agogo ba.

Yara kuwa sai sun yi sauri. Duk waƙar da aka haddace gudu take ƙarawa, bayan mako biyu za ka ji sun mayar da ita tsere. Wannan ne amfanin raba layi biyu. Muddin rabin farko yana bakin malami ko wani ɗalibi da aka naɗa jagora, linzamin yana hannunsa, ba mai amsawa sai an bayar. Masu wanki ba su da hannun tafi, don haka waɗanda suke jira a layi su ne za su tafa, ko kowa ya riƙa buga ƙafa a ƙasa. Layi na tara kuma ba shi da adadi. Ana maimaita shi har yaro ya ji santsi ya bar fatarsa, shi ya sa na sa santsi a amshin, don abin da yaro zai ji da hannunsa ne, ba sai an duba masa ba.

Sai mu kai waƙar filin makaranta. A ɗauka aji uku ne mai yara 60, da malama ɗaya, da jarkar ruwa mai cin lita 25, da butoci kaɗan, da sabulu guda. Idan kowane yaro zai tsaya gaban buta ya rera waƙar daga farko zuwa ƙarshe, minti ɗaya sau 60 awa guda ke nan, an cinye tara an shiga darasin lissafi. Malamai da yawa a nan suke watsar da abin, kuma ba laifinsu ba ne.

Amma dubi waƙar da kyau. Layi biyu ne kawai suke buƙatar ruwa, na ɗaya da na tara. Duk abin da yake tsakaninsu ana iya yinsa nesa da buta. Saboda haka sai a kasa ajin kashi shida, goma goma. Goman farko su jeru, masu butoci su bi su jiƙa musu hannu, sabulu ya zagaya, su ja gefe su yi murzawarsu tare da murya ɗaya. Suna cikin haka an jiƙa wa goma na biyu. Kafin na biyu su kai babban yatsa, na farko sun dawo ɗauraya. Ko da kowane kashi ya ci minti biyu ba tare da an haɗa su haka ba, minti 12 ne, da haɗawa kuwa ƙasa da haka. Wasu makarantu sukan huda dogon bututun roba a wurare da yawa su haɗa shi da bokiti a sama, yara goma ko fiye su tara hannu lokaci ɗaya, amma butoci ma sun isa.

Ruwan ma haka lissafinsa yake. Idan kowane yaro ya ci rabin lita, aji yana buƙatar lita 30, jarka ba ta isa ba. In aka bar ruwa yana zuba tsawon waƙar, ko biyu ba za su isa ba. Amma in mai buta ya san cewa hannunsa yana karkata ne a layi na ɗaya da na tara kaɗai, kuma siririn zubi yake yi, jarka ɗaya tana iya zagaya ajin. Mai buta ma ɗan waƙa ne, yana da wurin shigarsa da wurin tsayawarsa.

Akwai abu biyu da suke rushe aikin bayan an yi shi daidai, kuma waƙar an tsara ta ne ta toshe su. Na farko shi ne kwano ɗaya. A gidaje da yawa da wajen biki akan kawo ruwa a kwano kowa ya tsoma hannu, na ƙarshe ya wanke da dattin na farko. Shi ya sa waƙar ta ce zuba, ta ce kwara, ba ta ce tsoma ba. Ruwan ya sauko daga sama, ya bi ta hannu, ya tafi ƙasa, kada ya dawo. Na biyu shi ne tsumma. Tawul guda da aka rataya wa yara 60 zai mayar wa kowa abin da ɗan'uwansa ya bari, rigar makaranta da aka yi birgima da ita a ƙasa ma haka. A asibiti da takardar goge hannu ake busarwa a jefar, mu ba mu da ita a aji, don haka layi na goma ya ce a yarfe a bar shi ya bushe. Kada a raina wannan layi, domin jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar ƙwayoyin cuta da kuma sauke su a kan abin da ya taɓa. A iskar hunturu bushewa ba ta ɗaukar lokaci. Da damina sai a maimaita layin sau uku ko huɗu hannuwa suna sama.

Ta yaya malama za ta san waƙar ta shiga hannu, ba baki kaɗai ba? Haddar baki tana ruɗi, aji yana iya rerawa har a ji a ofishin hedimasta alhali hannuwa suna abu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Gwaji mafi sauƙi shi ne a karya jerin. Malama ta jefa layi na bakwai kai tsaye, ba tare da na gabansa ba, ta ga ko hannuwa sun tafi babban yatsa. Ko ta yi motsin shiru, yara su faɗi layinsa. Wanda sai ya koma farko ya biyo kafin ya gane, jerin sauti ya haddace, bai haɗa shi da aiki ba tukuna.

Gwaji na biyu ya fi burge yara. A ɗiga man gyaɗa kaɗan a hannun yara uku, a barbaɗa garin gawayi, su shafe ko'ina har bayan hannu da tsakanin yatsu. Na farko ya wanke da ruwa zalla. Na biyu ya sa sabulu amma ya yi irin wankinsa na da. Na uku ya bi waƙar. Sannan su ɗaga hannu aji ya duba. Na farko zai fito da hannu baƙi mai maiƙo. Na biyu tafinsa fes, amma gindin babban yatsa da gefen farce da tsakanin yatsu da saura. In na uku ma ya fito da baƙi a wani wuri, malama ta samu abin da take nema: wurin ya nuna mata layin da ake rerawa ba a aikatawa, gobe a kansa za a tsaya. A tabbatar dai yaran da aka zaɓa ba su da rauni ko tsagewar fata a hannu.

Lokutan wanki, wato bayan fitowa daga ban ɗaki da kafin cin abinci, na bar su a wajen waƙar da gangan. In aka cusa su ciki, sai a samu layukan da hannu ba shi da abin yi a cikinsu. Gara jagora ya yi kira kafin a fara, ya tambaya yaushe, aji su amsa, sannan a shiga zuba ruwa.

Saura maganar sabulu, wanda shi ne yake fara ɓacewa a makaranta, ko ya narke a ruwa, ko akuya ta ɗauke, ko ya bi wani gida. Ana huda shi a zura igiya a rataye kusa da wurin wanki. Wata dabarar da aka gwada a Bangaladash ita ce a narka garin sabulun wanki giram 30 cikin ruwa lita 1.5 a gorar roba, a huda murfin, a riƙa tsiyaya wa yara a tafi. Yana da arha, ba a kuma sace shi, sai dai da hunturu yana busar da fata, yaron da hannunsa ya fara tsagewa a bar masa sabulun wanka. Inda babu ko ɗaya, toka mai tsafta daga murhu, wadda ta huce aka tankaɗe, ta fi ruwa zalla, ko da yake ba ta kai sabulu ba. A ranar toka layi na biyu kaɗai ake sauyawa, jagora ya ce shafa toka, yara su amsa hannu ya shafu. Layi na tara kuma a ƙara masa maimaici, domin toka takan maƙale a gefen farce da tsakanin yatsu, sai an kwara ruwa sosai take fita.